Takardar Na-Goggo

Kwanakin baya ina zaune a ƙofar gidan da muke haya a cikin Batsari, jikana yana kwance a kan benci, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Sai na ga ya danna waya ya kai ta baki ya ce, "Mutumina, ka yi haƙuri da maganar kuɗɗin nan, ka san yanayi." Ya aika saƙon muryar, ya ajiye, ya juya ya ci gaba da kallon ƙwallonsa. Kafin in gyara zama amsa ta dawo, wai ba komai. Na tambaye shi ko shi ke nan an gama, ya ce to me ya rage. Ban yi masa faɗa ba, don ban ga laifinsa ba, abin da ya tarar ke nan. Sai dai ya taɓo mini wani tsohon miki da na ɗauka tsufa ya warkar. Kishi nake nufi, kuma ba na mata ba. Akwai kishin da namiji yake yi a kan aboki, wanda ba a faɗa a majalisa, ni kuwa na kai shekarun da zan faɗa.

Ƙauyenmu yana bayan Karare, a hanyar da ke miƙewa wajen dajin Ruma. Yanzu babu kowa a cikinsa sai gara da ƙadangaru, 'yan bindiga sun tashe mu. A da kuwa, tun kafin kiran assalatu za ka ji turmin farko ya fara, wani ya amsa masa daga can gefen gari, har su zama ba ka iya ƙirgawa. Jakuna su ɗauka, guduma ta fara a maƙera, Fulani su bi burtali da shanunsu suna gaisawa da mutane. Idan muka ji ƙarar babur a lokacin, da gudu muke fitowa kallo. Yau idan aka ji ta daga wajen daji, uwa ɗanta take fara nema. Da safe muna gandu, wato babbar gonar gida, muna yi wa iyaye noma har rana ta take. Bayan azahar lokacin saurayi nasa ne, ya tafi gayaunarsa, 'yar gonar da abin da ya fito cikinta shi ke da shi. Kakana yakan ce yaron da bai san hanyar gayauna ba kada a ba shi mata, don zai ci amanar tukunya. Da gayauna muke ɗinka rigar salla, da ita muke yi wa 'yan mata toshi.

Mu uku muka tashi. Ba zan faɗi sunayen biyun ba, jikokinsu suna nan, zan kira su yadda muke kiransu. Akwai Dogo, mai sanyin hali, wanda kafin ya yi magana ɗaya wani ya yi goma. Akwai Na-Goggo, wanda goggonsa ta raina, gajere mai baki kamar reza, ga dariya, ga tsokana. Sai ni, da suke kira Ɗan Boko, saboda ni kaɗai aka tura firamare a cikinmu. Na ce mu uku, amma gaskiya su biyu ne da ni. Wanzami ɗaya ya yi musu kaciya rana ɗaya, suka yi jinya a bukka ɗaya, ni kuwa an yi mini tawa a shekarar da ta biyo. Wannan 'yar tazarar ban taɓa cike ta ba. Idan muna tafiya a turba, su ne gaba kafaɗa da kafaɗa suna ture juna cikin ciyawa, ni ina baya ina tsintar abin da ya faɗo na hira. Wani lokaci su kalli juna kawai su fashe da dariya, in ce mene ne, Dogo ya ce, "Ba komi, Ɗan Boko, wani tsohon zance ne." Ba su taɓa wulaƙanta ni ba. Da ma sun yi, da na sami dalilin fushi. Ni dai Dogo nake so ya zama aminina, kuma wurin a cike yake.

Wata damina suka haɗa gayaunarsu suka shuka gyaɗa, ba su ce in shigo ba. Gyaɗa ta yi kyau. Suka cire, suka shanya, suka ɓare, suka cika buhuna. Ranar kasuwar Batsari Dogo ya ɗora wa jaki ya kai wa mai sikeli, wani baƙon ɗan kasuwa da ke zuwa da kaka ya kafa ma'auninsa a gindin tsamiya, in ya cika mota ya tafi sai wata shekara. Da aka auna, mutumin ya cire naira goma sha biyu, ya ce abokin gonarka ya karɓa tun gyaɗa tana ƙasa. Dogo bai yi musu ba, ya karɓi saura. Na-Goggo ya iso da la'asar, bayan motar mai sikeli ta tashi, ya tarar da mu a gindin tsamiyar nan, kasuwa cike. Dogo ya miƙa masa kuɗi ya gaya masa abin da aka ce. Ina kallon fuskar Na-Goggo, na ga ta canza, na ɗauka ɓacin rai ne. Sai ya ɗaga murya ya ce shi bai karɓi ko sisi ba, ya ce, "Ka ci kuɗɗi ka ɗora ma wanda ya tahi. Ɓarawon zaune kawai." Mahauta suka ji, masu hatsi suka ji, mata masu fura suka ji. Dogo ya zuba masa kuɗin duka a ƙasa, har da rabonsa, ya kwance jakinsa ya kama hanya.

A wancan zamani sunan ɓarawo ba ya wankuwa da sabulu. Ba wanda ya kai Dogo gaban mai gari, amma ya shiga majalisa sai hira ta koma maganar ruwan sama. Aka daina ba shi saƙon kasuwa. Uban Dogo ya hana a ambaci Na-Goggo a zaurensa. Shi kuma Na-Goggo bai yi wata guda ba ya tattara ya tafi Safana wurin kawunsa tela, wai koyon ɗinki.

To, a nan rabona ya tsaga. Ban yarda Dogo ya ci kuɗin nan ba, kuma na faɗa a ko'ina, amma ba zan ɓoye ba, wannan rani shi ne mafi daɗi a samartakata. Ni nake zuwa in yi sallama, ya fito mu tafi yankan ciyawar jinka. Tuwon gidanmu da na gidansu a wuri ɗaya ake ajiyewa. A turba ni ne a kafaɗarsa. Har na fara koya masa baƙaƙen boko a ƙasa da tsinke, yana yi mini dariya wai harafin nan ya yi kama da ƙugiya. Muka yi maganar haɗa gayauna in damina ta faɗi. Wani lokaci nakan yi wata tsokana, in ga ya buɗe baki zai yi dariya, sai ya dubi gefensa na hagu inda ba kowa, dariyar ta koma. Ina gani, ina kawar da kai, ina cewa a raina lokaci zai gyara.

Ana dab da shuka wani yaron mota ya kawo mini saƙo, wai Na-Goggo yana roƙona don Allah in je Safana, in taho da biro da takarda, kada in gaya wa kowa. Tun da na ji biro na gane inda aka nufa. Na yi niyyar in ƙi, sai na tuna mun ci tuwo tare tun muna tsirara. Na fizge takardar tsakiya daga tsohon littafina na makaranta, na shiga motar kasuwa.

Na same shi a shagon kawunsa yana ɗaura maɓalli, ya rame, bakin nan ya mutu. Bayan mun gaisa da Kawu, an tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da jakin babana, sai ya ja ni bayan shago, Kawu ya biyo mu da kujerarsa. Ba tare da ya dube ni ba Na-Goggo ya ce shi ya karɓi kuɗin. Wata yarinya ce a Darini, ya yi ta kai mata turare da sabulu da ɗan kwali, ya yi tsammanin zai mayar kafin kaka. Yarinyar ma an aurar da ita ga wani mai shanu. Na ce to me ya hana shi zuwa da ƙafarsa.

"In na tahi da kaina," in ji shi, "dattawa za su taru, kunyar ido ta sa shi ce ya yahe, ko zuciyarshi ba ta yahe ba. Na san Dogo. Takarda kuwa, in ya ga dama shi yaga ta, babu mai ganin shi."

Na ɗora takarda a kan katakon guga. Muka fara da yadda ake farawa, takarda ta fito daga hannun wane zuwa ga wane, gaisuwa mai yawa, tambayar lafiyar Baba da Inna da ƙanne. Da na rubuta "Bayan haka", sai muka tsaya, domin nan ne aikin yake. Na-Goggo ya fara da cewa talauci ne da sharrin shaiɗan da na mata. Na yi ta rubutawa da sauri, saboda na san Dogo, na san irin wannan takarda ba za ta motsa shi ba. Kawu ya bari na kai ƙarshen layi, sannan ya ce, "Shaiɗan ne ya tsaya gindin tsamiya ya kira ɗan mutane ɓarawo? To, a aika ma shaiɗan shi rubuto tashi. Kai hwaɗi naka." Na-Goggo ya ce in soke. Ya sake cewa in rubuta cewa shi ma Dogo da ya ja shi gefe ya gaya masa, da abin bai kai haka ba. Wannan karon shi da kansa ya ji ɗacin maganar a bakinsa, ya ce in soke ita ma. Na kawo shawara a sa "in na ɓata maka rai", ya ce babu "in", ya ɓata. Takardar farko ta cika da zane, muka juya ga ta biyu. Ina iya karanto ta har gobe:

"Bayan haka, ni na karɓi naira goma sha biyu wurin mai sikeli tun gyaɗa tana ƙasa, ban gaya maka ba. Na kashe su a toshi. Ranar da ka gaya mini, na san gaskiya ka faɗa. Na ji kunyar mutane, sai na ɗauki kunyata na ɗora maka, na kira ka ɓarawo a gaban kasuwa. Kai ba ka ci ko sisi ba. Rabonka da ka zubar na kwashe, ga shi nan cif a hannun Ɗan Boko. Abin da na karɓa wurin mai sikeli, rabinsa naka ne, na fara tarawa da ɗinki, zan cika kafin salla. Sunanka da na ɓata ba ni da abin biyansa. A inda na faɗa, nan nake so a karanta wannan, in ka yarda. In ba ka yarda ba, takarda taka ce. Ba na cewa mu koma yadda muke. Ina roƙonka gafara don Allah, in ka iya, a lokacin da ka iya. Wassalam."

Ya karɓi biro ya rubuta sunansa a ƙasa da ajami, a karkace, yadda Dogo zai gane hannunsa tun na makarantar allo. Kawu ya ƙulle kuɗin a ƙyalle daban, ya ce kada in haɗa su da takarda a hannu ɗaya, kada ya zama kamar an zo sayen yafiya. Ya ce in fara zuwa wurin uban Dogo, don shi ma an zubar masa da mutunci, in ba shi kuɗin da goro, in nemi izini, sannan in karanta wa Dogo shi kaɗai.

A mota takardar tana aljihuna kamar garwashi. Ba wanda ya taɓa yi mini magana irin wannan, kuma na san ni ma ba ni da wanda zan yi wa. Na yi ta fata Dogo ya ƙi. Na yi fatan uban ya kore ni. Amma amana amana ce, na kai.

Tsohon ya saurare ni yana murza carbi, ya kwance ƙyallen ya duba, ya ɗaure, ya ce, "Yaron ya makara, amma ya zo ta ƙohwa. Tahi ka same shi." Na sami Dogo a bayan gida yana gyara ƙotar fartanya. Na karanta masa. Bai ɗago ba har na gama, sai ya karɓi takardar ya sa babban yatsa a kan ajamin nan, ya daɗe a haka. Ya tambaye ni, "Ya rame?" Na ce ya rame. Ya ce, "Ɗinkin, ya iya kuwa? Wanga da ko igiyar wando bai iya zurawa." Na ce yana koyo. Na tambaye shi maganar kasuwa, ya ce sai ya yi tunani, don in aka karanta, sunan da aka cire masa a kan Na-Goggo zai sauka. Ka ji fa. Shi aka zalunta, amma sunan wancan yake tausayi. Uban ne ya yanke, ya ce yaron da kansa ya nema, hana shi kuma tauye masa tubansa ne.

Ranar kasuwa bayan la'asar muka tsaya a gindin tsamiyar. Uban Dogo ya kira sarkin fawa da masu hatsi da duk wanda ya tuna yana wurin, sauran kuma son jin gulma ya kawo su. Aka ce Ɗan Boko ya karanta. Ban taɓa tunanin wannan ɓangaren ba sai da na buɗe baki. Takardar da "ni" aka rubuta ta. Ni na karɓi, na kira ka ɓarawo, ina roƙonka gafara, duk daga bakina suke fita, Dogo kuma yana tsaye a gabana yana kallona. Wani irin kallo ne da ban taɓa samu daga gare shi ba, idanunsa cike da ruwa, fuskarsa a sake. Shekaru ina neman wannan kallon, ga shi ya zo, kuma na san ratsa ni yake yi ya wuce Safana. Muryata ta sarƙe a wajen ƙarshe, mutane suka ɗauka tausayi ne.

Da na ce wassalam, sarkin fawa ya ce shi ma yana neman gafara, don ya maimaita maganar a gidansa. Wasu suka bi. Dogo ya matso ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Na yahe, wallahi na yahe tun tuni." Bai saki hannun ba ya juya yana tambayar mutane ko motar Safana ta tashi. Ba ta tashi ba. Na raka shi tasha, na riƙe masa jakinsa, na koma da shi gida ni kaɗai.

Da damina suka sake haɗa gayauna. Wannan karon sun ce in shigo, na shiga, aka ba ni kunyoyin gefe. Na-Goggo ya cika alkawarinsa kafin salla, ya ɗinka mana riguna iri ɗaya mu uku, tawa ta fi kyau ma, don ya ce ni na yi wahala. Duk inda aka ba da labarin sai a sa mini albarka, wai ni na haɗa zumunci. Ina amsawa da amin. Abotarsu kuwa ta fi ta da ƙarfi, saboda yanzu suna da abin da suka tsallake tare, kuma wani sabon tsohon zance ya ƙaru wanda ni na rubuta shi da hannuna amma ba ni da kaso a ciki. Muka yi aure, muka haifa, muka aurar, muka gudo Batsari a shekara ɗaya. Ban taɓa cin sisin Dogo ba, ban taɓa ɗaga masa murya ba, ban taɓa saɓa masa alkawari ba. Shi da Na-Goggo kuwa sun sake ɓatawa ya fi a ƙirga, a kan taki, a kan auren 'ya'ya, a kan siyasa, su shirya kafin tuwo ya huce.

Bara ciwo ya kwantar da Dogo. Da na ga jikin ya yi nisa, na je da hantsi na zauna a bakin tabarmarsa, na yi abin da ake yi. Na ce, "Dogo, zama ya yi tsawo, in akwai abin da na yi maka, ka yahe man." Na so ya yi shiru ya yi tunani. Na so ya tono wani abu, ko ƙarami ne, ya kama hannuna ya dube ni ya ce ya yafe. Sai ya yi 'yar dariya, har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Kai, Ɗan Boko? Kai mi ka taɓa yi man?" Ya lumshe ido, na ɗauka barci ne. Can ya buɗe ya dubi ƙofa ya ce, "Leƙa ka gani, wancan ɗan banzan bai iso ba?"

Na tashi na leƙa.